Ta Bar Nama, Ta Bar Ƙwai, Amma Kitsen Jininta Ya Ƙi Sauka

"Sista, don Allah duba min wannan takardar. Ni dai ban san abin da ya rage in daina ci ba."

Haka wata baiwar Allah ta ce da ni wata safiya a ɗakin da muke auna hawan jini kafin a shiga wajen likita. Shekararta 34, 'ya'yanta huɗu, autar ba ta daɗe da yaye ba. Ta miƙo min takardu biyu na gwajin jini, tsakaninsu wata huɗu. A ta farko jimillar kolestarol ɗinta, wato abin da muke ce wa kitsen jini, ta kai 7.8, alhali ana so kada ta wuce 5.2. A ta biyu kuma 7.9.

A cikin watanni huɗun nan babu abin da ba ta yi ba. Ta bar jan nama, ta bar ƙwai, ta daina sa man shanu a tuwo, ko ƙosai ba ta taɓawa. Da Sallah babba ta zo, ita ta soya naman gidan gaba ɗaya amma ko tsoka ɗaya ba ta kai baki ba. Duk da haka nauyinta ya ƙaru da kilo uku. Maigidanta har tsokanarta yake yi wai ta faɗi gaskiya, ko dai tana ci a ɓoye. Tana ba ni labari tana dariya, amma idonta ya ciko da ƙwalla.

Bayan gwaji na biyu an ɗora ta a kan maganin rage kolestarol, irin wanda ake kira sitatin. Sati uku da farawa cinyoyinta da damatsanta suka kama ciwo, tashi daga tabarma ma sai ta dafa bango. Sai ta ajiye maganin da kanta, ta dawo asibiti tana tsoron faɗan da za a yi mata.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina ba takardar ba ce. Watan Afrilu ne, kowa na fifita, ita kuwa da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabinta. Da na kama hannunta fatar a bushe take kamar tsakiyar hunturu, kuma bugun jijiyarta 56 ne kacal a minti ɗaya. Na ce, "Hajiya, yaushe kika fara jin sanyi haka?" Ta ce tun autarta na da wata biyar ko shida. Daga nan sai zance ya ɓalle: barci ba ya isarta, bayan gida sai ta kwana uku ba ta zaga ba, gashinta na zuba har mai kitso ta yi mata magana, jinin al'ada da ya dawo ya ƙaru, ga mantuwa. Duk wanda ta gaya wa sai ya ce mata ai haka raino yake, 'ya'ya huɗu ba wasa ba. Mu ma a asibiti, in faɗi gaskiya, sau biyu ta wuce ta gabanmu babu wanda ya tambaye ta.

Na rubuta abin da na gani a katinta, likita ya ƙara mata gwaji ɗaya. A nan aka gano inda gizo ke saƙar.

Kolestarol ba daga tukunya kaɗai yake zuwa ba

Yawancinmu mun ɗauka kitsen jini abin da aka ci ne kawai. Ba haka ba ne. Kaso mafi yawa na kolestarol ɗin da ke jikinki jikin ne da kansa yake haɗa shi, musamman hanta, domin ana buƙatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da wasu sinadarai. Abinci yana da nasa rabon, amma shi ne ƙarami.

Hantar da ke haɗa shi kuma ita ce ke kwashe rarar daga jini. A jikin ƙwayoyin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi da ke cafke nau'in kolestarol ɗin nan da za ki ga an rubuta LDL a takardar gwaji, wanda shi ne mai taruwa a bangon jijiyoyi ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano waɗannan ƙofofin, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Idan ƙofofin suna da yawa, jini yana tsabtata da wuri. Idan suka ragu, LDL sai ya yi ta yawo a jini yana taruwa, ko da kuwa zogale da ruwa kaɗai mutum yake ci.

To, duk abin da ya rage waɗannan ƙofofin, ko ya sa hanta ta ƙara yawan abin da take haɗawa, zai ɗaga kolestarol. Abubuwa uku ne muka fi cin karo da su: raunin tayirod, ciwon ƙoda, da wasu magunguna. A irin wannan hali kolestarol ɗin hayaƙi ne kawai, wutar tana wani wuri.

Tayirod da ta yi sanyi

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, har da yawan ƙofofin hantar nan da na ambata. Idan sinadarin ya yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi. Zuciya ta rage gudu, hanji ya yi nauyi, mutum ya riƙa jin sanyi, hanta kuma ta rage kwashe LDL.

Ki lura, ba sai an ga maƙoƙo ba. Matar da nake ba ki labari wuyanta lafiya lau yake a ido.

Gwajin da aka yi mata sunansa TSH. Yana ɗan rikita mutane, don haka bari in warware shi. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba, saƙo ne da wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa take aika mata cewa ta tashi ta yi aiki. Idan tayirod tana aiki yadda ya kamata, saƙon kaɗan ya isa. Idan ta yi rauni, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗaga murya, kamar uwar da ke kiran yaron da ya ƙi amsawa. Saboda haka TSH mai yawa yana nufin tayirod mai rauni. A yawancin ɗakunan gwaji daidai shi ne daga kusan 0.4 zuwa 4. Nata 38 ne. Da aka auna sinadarin tayirod ɗin kansa, wanda ake rubutawa T4, shi kuma ya yi ƙasa. Magana ta fito.

Me ya jawo mata? Akwai kumburin tayirod da ke samun wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa, inda garkuwar jiki take juyowa ta far wa tayirod. Wani lokaci yana farawa da 'yan makonni na faɗuwar gaba da zufa da rama, sannan tsakanin wata huɗu zuwa takwas da haihuwa sai tayirod ɗin ta yi sanyi. Mata da yawa suna warwarewa da kansu kafin yaro ya cika shekara ko jim kaɗan bayan haka. Wasu kuma raunin yana zama musu na dindindin, kuma ita tana cikinsu, tunda har ta yaye abin bai sake ta ba. Ban da wannan akwai cutar Hashimoto, ita ma ta garkuwar jiki ce, tana bin dangi kuma ta fi kama mata. Akwai ƙarancin aidin a abinci, wanda ya ragu sosai a Najeriya tun da aka fara sa aidin a gishiri a farkon shekarun 1990. Sai kuma wadda aka yi wa aikin maƙoƙo aka cire tayirod ɗin ko wani sashenta.

Ciwon cinyoyin nan ma a nan amsarsa take. Raunin tayirod shi kaɗai yana sa ciwon tsoka, kuma wanda ke da shi ba a yi maganinsa ba ya fi kowa saurin samun ciwon tsoka idan aka ba shi sitatin. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a duba TSH kafin a fara wannan maganin, ko kuma da zarar mai shan sa ya fara kukan tsoka. Ba sitatin ɗin ne mugu ba, an dai ɗora shi ne a kan jikin da bai shirya ba.

Yadda aka yi mata magani, da inda aka yi tuntuɓe

Likita ya ce a ajiye sitatin tukuna. Ya rubuta mata lebotairoksin, wata 'yar ƙaramar ƙwaya da ke maye gurbin sinadarin da tayirod ta kasa fitarwa, maikurogiram 50 kullum da safe, ya ce ta dawo bayan sati shida. Dalilin jiran shi ne sinadarin yana daɗewa a jini, TSH ba ya daidaita a kan sabon awo sai bayan sati shida zuwa takwas. Wadda ta koma gwaji bayan kwana goma ta yi asarar kuɗinta ne kawai.

Da ta dawo TSH ya sauko zuwa 19. An samu ci gaba, amma ba kamar yadda aka zata ba. Na zaunar da ita na ce ta faɗa min yadda take shan maganin tun daga tashinta. Ashe da kunu take haɗiye shi, tare da ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta saboda yawan jinin al'ada. Wannan kuskuren kusan kowa na yin sa, kuma laifin namu ne da ba mu yi bayani. Lebotairoksin ƙwaya ce mai kishi, ba ta son abokin tafiya. Da ruwa zalla ake shan ta, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Ƙwayar ƙarin jini, da ta kalsiyam, da maganin gyambon ciki irin mai kaurin nan fari, duk suna riƙe ta a hanji su hana ta shiga jini, don haka sai a ba su tazarar awa huɗu. Madara da awara da kofi ma kada su biyo ta kai tsaye. Ita dai mun shirya da ita cewa ta ajiye maganin da kofin ruwa a gefen gado, ta sha da ta tashi da asuba, ƙwayar ƙarin jini kuma ta koma bayan abincin rana. Da azumi ya zo, likita ya ce ta riƙa sha kafin sahur da rabin awa, ko kuma da daddare idan an yi awa uku da cin abinci.

An ƙara mata awon zuwa 75, daga baya 100. Wata biyar da farawa TSH ya dawo 2.1. Sai a lokacin aka sake auna kolestarol, domin auna shi kafin tayirod ta daidaita ba ya nuna gaskiya. Jimillar ta sauko daga 7.9 zuwa 5.3, LDL kuma daga 5.5 zuwa 3.2. Ba ta sha ƙwayar sitatin ko ɗaya ba a tsakanin, kuma ta koma cin ƙwai da nama daidai gwargwado.

Kada in sa ki ɗauka kowa haka yake ƙarewa. Nata raunin mai tsanani ne, shi ya sa saukar ta yi yawa. Akwai waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau kaɗan, misali 6 ko 7, T4 kuma lafiya lau. Irin waɗannan ba a gaggawar ɗora su a kan magani, a kan maimaita gwajin bayan wata biyu zuwa uku domin sau da yawa yana komawa daidai da kansa, kuma ko an ba su maganin, kolestarol ɗin kaɗan yake sauka. Akwai kuma waɗanda tayirod ta daidaita sarai amma LDL ya tsaya a sama. Su suna da matsala biyu ne, kuma sitatin ya zama dole, sai dai yanzu jikin zai fi karɓarsa.

Abu biyu ga masu haihuwa. Na ɗaya, idan kina shan lebotairoksin kika samu ciki, kada ki daina, ki je asibiti a satin da kika gane, domin buƙatar jiki tana ƙaruwa tun farkon ciki kuma ƙwaƙwalwar jariri ta dogara da sinadarin uwa a watannin farko. Yawanci ƙara awon ake yi. Ba ya hana shayarwa. Na biyu, matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, ga kasala, ita matsalarta tana iya kasancewa a halittar nan ta ƙasan ƙwaƙwalwa mai aika saƙon. A wajenta TSH zai iya fitowa daidai alhali tayirod ba ta aiki. Dole ta ba likita labarin haihuwar, don a auna T4 da sauran sinadarai kafin a fara mata kowane magani.

Ƙodar da ke yoyo

Alaƙar ƙoda da kitsen jini ta fi ba mutane mamaki. Ƙoda rariya ce. Tana tace datti ya fita a fitsari, tana riƙe abubuwa masu amfani, musamman wani furotin da ake kira albumin. Idan ramukan rariyar suka buɗe, albumin sai ya riƙa tsiyayewa cikin fitsari. Hanta tana ganin ya ragu a jini sai ta dage da haɗa sabo, kuma a cikin wannan dagewar take ƙara haɗa kolestarol, ga kwashe shi daga jini kuma ya ragu. Shi ya sa mafi girman lambobin da na taɓa gani a takardar gwaji, 10 har 12, ba na masu ƙiba ba ne, na masu irin wannan ciwon ƙodar ne. Likitoci suna kiransa nefrotik idan furotin da ke fita ya wuce giram 3.5 a kwana ɗaya.

Alamunsa a bayyane suke ga wanda ya san su. Fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, kumfar kuma ba ta kwanciya da wuri. Fuska, musamman kewayen ido, tana kumbura da safe, zuwa yamma kumburin ya sauka ƙafa, idan kika danna da yatsa wurin ya lotsa. Iyaye mata ku riƙe wannan, domin yana kama yara ƙanana, an fi ganinsa tsakanin shekara biyu zuwa shida. Na sha ganin yaron da aka yi ta murna wai ya yi kumatu, ashe ruwa ne. A manya kuwa ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi, sai ciwon hanta nau'in B, da cutar ƙanjamau, da sikila, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da dikilofenak. Man bilicin da sabulun da ke ɗauke da sinadarin makuri su ma an tabbatar suna jawo shi.

Akwai kuma ciwon ƙoda na sannu a hankali, wanda hawan jini da ciwon suga suke jawowa cikin shekaru ba tare da wata alama ba. Shi ba lallai ya ɗaga LDL sosai ba. An fi ganin ɗaya nau'in kitsen, wanda ake rubutawa TG, ya hau, mai amfanin kuma, HDL, ya sauka.

Gwajin ba mai wahala ba ne. Ana tsoma wani ɗan tsinken takarda a fitsari, cikin minti ɗaya ya nuna ko akwai furotin. Sai gwajin jini na kiriyatinin, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, a takarda za ki ga eGFR. Idan ya zauna ƙasa da 60 har tsawon wata uku, akwai ciwon ƙoda. Fitsarin farko na safe ya fi, kuma kada ki kai lokacin al'ada ko zazzaɓi, domin suna iya nuna furotin na ƙarya.

A nan akwai bambanci da tayirod da ya kamata ki gane. A nefrotik, idan aka samu yoyon ya tsaya, kolestarol yana sauka da kansa. Amma a ciwon ƙoda na dindindin gano dalilin ba ya nufin an tsira daga sitatin. Masu wannan ciwon haɗarin ciwon zuciya ya fi yawa a kansu, don haka likitoci sukan ba da shi musamman ga wanda ya kai shekara 50. Amfanin sanin halin ƙodar shi ne a zaɓi irin da ya dace da awon da ya dace, kuma a fara kare abin da ya rage na ƙodar tun kafin a kai ga wankin ƙoda.

Abin da ke cikin jakarki

Idan muka tambayi mace magungunan da take sha, takan lissafa waɗanda likita ya rubuta ne kawai. Na kemis, da na mai tallan magani a gidan biki, da man shafawa, ba ta sa su a lissafi. Alhali a nan matsalar ta fi ɓuya.

Na farko a jerin su ne magungunan sitiroyid, irin su firednisolon da deksametason. Magunguna ne masu ceton rai a asma da wasu cututtuka idan likita ya tsara su. Amma su ne kuma ake sayarwa a matsayin maganin ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, 'yan mata da amare suna sha don su ciko kafin biki. Suna ɗaga kitsen jini, suna ɗaga suga da hawan jini, fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Mayukan bilicin da yawa ma akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, kuma wadda take shafe jikinta gaba ɗaya safe da dare shekara da shekaru, yana ratsa fata ya shiga jini. Ina roƙonki da babbar murya: idan kin wuce sati uku kina shan irin wannan ƙwayar, kada ki yanke ta rana ɗaya don kin karanta wannan. Jiki ya riga ya daina haɗa nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi, mutum ya suma, har a rasa rai. Ki kai wa likita kwalin, ya tsara miki yadda za a rage a hankali. Ba za a kama ki ba, ba ke kika fara ba.

Wasu magungunan hawan jini ma suna taɓa kitsen jini. Masu sa fitsari irin su haidurokulorotayazayid suna ɗan ɗaga shi, musamman a awo mai yawa, su atenolol da furofanolol kuma suna ɗaga TG su rage HDL. A ra'ayina wannan bai kai abin tayar da hankali ba. Canjin kaɗan ne, kariyar da suke bayarwa daga shanyewar ɓarin jiki kuwa babba ce. Na ga wadda ta ajiye maganin hawan jininta saboda wata ta ce mata yana sa kitse, ƙarshenta a gadon asibiti muka sake haɗuwa.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin suna ɗaga TG. Ga yawancin mata ba wani abu ba ne, amma wadda nata ya riga ya yi sama sosai gara ta faɗa a asibiti a zaɓa mata wata hanyar, tunda hanyoyin suna da yawa. Haka wasu magungunan cutar ƙanjamau, musamman haɗin lofinabir da ritonabir, da wasu na taɓin hankali irin su olanzafin, da na farfaɗiya irin su kabamazefin, da ƙwayar ƙurajen fuska mai suna aisotiretinoyin. Waɗannan duk ba a daina su don kolestarol. Ko dai likita ya canza zuwa wani, ko ya bar shi ya ƙara maganin kitsen a kai. Akwai ma masu bi ta bayan gida: litiyom da amiyodaron suna iya raunana tayirod, ita kuma ta ɗaga kolestarol.

Hanyar gane hannun magani ita ce lissafin lokaci. Idan gwajinki na bara lafiya lau ne, bana ya hau, tambayar farko ita ce me kika fara sha ko shafawa a tsakani.

Kafin ki karɓi takardar magani

Gaskiya ita ce yawancin masu yawan kolestarol ba su da ko ɗaya cikin ukun nan. Nasu gado ne, ko ƙiba, ko shekaru, ko abinci da rashin motsa jiki. Wadda mahaifinta ko yayanta ya yi ciwon zuciya tun yana ɗan shekara arba'in da wani abu, LDL ɗinta kuma ya kai 5, ta fi kama da mai na gado, kuma magani ne zai taimake ta. Amma ba a sanin wane rukuni mutum yake sai an duba, dubawar kuma sau ɗaya ce a farko.

Don haka ranar da aka ce miki kitsen jininki ya hau, ki tambayi likita cikin ladabi ko an duba TSH, an duba fitsari da kiriyatinin, an kuma duba suga, tunda ciwon suga ma yana hargitsa kitsen jini. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa a leda ki tafi da su, har na gargajiya. Idan kuɗi ba za su isa duka a rana ɗaya ba, fara da na fitsari, shi ya fi araha kuma kusan ko'ina ana yi. TSH ya fi tsada, kuma ƙananan asibitoci sukan tura mutum babban asibiti ko ɗakin gwaji mai zaman kansa. Kada a yi shi kina tsakiyar zazzaɓi ko kwanciyar asibiti, domin rashin lafiya mai tsanani tana karkatar da sakamakon.

Ki duba ma'aunin da aka yi amfani da shi a takardarki. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta mmol/L, wasu mg/dL. 5.2 a na farko daidai yake da 200 a na biyu. Na taɓa ganin wadda ta kwana ba ta runtsa ba saboda ta ga 190 a tata, maƙwabciyarta kuma 6, alhali ta maƙwabciyar ce ta hau.

Mai ciki kuma kada ta damu da wannan gwajin. Ciki da kansa yana ɗaga kolestarol, haka aka halicce shi saboda ginin jikin jariri, kuma ba a saba ba mai ciki ko mai shayarwa sitatin ba. A bari sai an yi wata biyu zuwa uku da haihuwa kafin a auna.

Ita dai baiwar Allah ɗin nan yanzu sau ɗaya take zuwa a shekara a duba mata TSH, kuma an gaya mata maganin na tsawon rai ne. Zuwanta na ƙarshe ta taho da ƙanwarta, wadda ta haihu wata bakwai da suka wuce, ta zaunar da ita a kujerar gabana ta ce, "Sista, taɓa hannunta ki ji. Ita ma sanyi take ji."